Koyon Tuƙi da Furfura: Daga Filin Firamare Zuwa Karɓar Lasin

Ina da shekara 44 na fara riƙe sitiyari. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Taura a Jigawa, kuma tun ina saurayi babur nake hawa. Larurar mahaifiyarmu ce ta tilasta mini koyon mota, domin jikinta ya kai inda ba za a ɗora ta a bayan babur zuwa asibitin Ringim ba, kuma neman shatar mota da tsakar dare a ƙauye abu ne da wanda ya taɓa yi kaɗai ya san zafinsa. Wana da ke Kano ya aiko mana da tsohuwar Golf ɗinsa mai giyar hannu, ta zauna a ƙarƙashin darbejiya kaji suna kwana a inuwarta. Tun da na karɓi lasin abokan aiki ke tambayata ta ina ake farawa, shi ya sa na ga gara in zayyana abin daki-daki yadda ya faru.

Wanda ya fara koya mini ɗan wana ne, yaron da na koya wa karatu a aji uku, yanzu kuma direban haya ne a hanyar Kano zuwa Haɗeja. Da rani muka fara, a filin ƙwallon makarantarmu, bayan sallar asuba, kafin yara su fito. Ni na zaɓi lokacin saboda kunya, ba na son ɗalibaina su ga malaminsu mota tana mace masa. Ranar farko ko tayar da inji ba mu yi ba sai can ƙarshe. Ya sa na gyara kujera har sai da na iya danna kuloci ya kai ƙasa gwiwata tana ɗan lanƙwashe, ya gyara mini madubin tsakiya da na gefe biyu, sannan ya ce in rufe ido in riƙa taɓa abin da ya kira. Kuloci na ƙafar hagu ne ita kaɗai. Birki a tsakiya, totur a dama, su biyun duk na ƙafar dama ne. Ya yi ta kira yana juya su har ƙafata ta daina laluben wuri. Haka ya yi mini da giya, hannuna a kan sandar, idona a kan gilashin gaba. A irin wannan Golf ɗin ribas yana maƙwabtaka da giya ta ɗaya, sai ka danna sandar ƙasa sannan ka kai ta hagu ka tura gaba, don haka ya ce kada in saba danna ta da nauyin hannu in ina neman ta ɗaya.

Da aka tayar da inji sai tsoron ya bayyana. Tafin hannuna ya jiƙe, ƙafar hagu tana rawa a kan kuloci har ana gani. Yaron ya dube ni ya ce, "Baffa, me kake tsoro, tafiyar ko tsayawar?" Na ce masa tsorona kada ta tafi ta ƙi tsayawa. Ya ce to, tsayawa za mu fara koya. Ya ajiye jarka a tsakiyar fili, ya hana ni taɓa totur gaba ɗaya. In danna kuloci, in sa giya ta ɗaya, in sauke hambirki, in riƙa ɗago ƙafa sannu a hankali har in ji ƙarar injin ta yi ƙasa, gaban motar ya ɗan ɗaga, sitiyari ya fara kaɗawa a hannuna. A nan ne kuloci ya kama. In ka riƙe ƙafarka a daidai wurin, motar za ta fara tafiya da silo ita kaɗai, tafiyar da mai ƙafa zai iya jerawa da ita. In ka sake shi gaba ɗaya lokaci guda, ta yi tsalle ta mutu. Da na iso jarkar sai in danna kuloci ƙasa, in taka birki. Mun shafe safiyoyi muna wannan kawai, tashi da tsayawa, har na gaji na fara jin haushinsa. Amma a nan ƙafata ta daina rawa, don na tabbatar wa kaina cewa duk inda na ce ta tsaya za ta tsaya.

Sanin babur ya taimake ni ta wani gefen, ya cuce ni ta wani. Kunnena ya riga ya san kukan inji idan yana neman canjin giya, don haka shiga ta biyu da ta uku bai ba ni wuya ba. Inda na sha fama shi ne faɗin mota. Mai babur a tsakiyar abin hawansa yake zaune, direba kuwa a hagu yake, akwai fiye da rabin mota a damansa da ba ya ji a jikinsa. Sai na riƙa tattake duwatsun da ya jera mini a dama. Maganin da ya yi mini mai sauƙi ne: ya daidaita tayar dama da wani layi da ya ja a ƙasa, ya ce in zauna yadda nake zama in duba inda layin ya haɗu da ƙasan gilashin gaba, ya liƙa ɗan tef a wurin. Daga nan na san inda tayata ta dama take ba tare da na leƙa ba. Kwana ma haka, tayar baya tana yanke hanya ta ciki, don haka sai ka bari gaban motar ya ɗan wuce kusurwa kafin ka karya sitiyari, in ba haka ba katangar maƙwabci ta sha goga.

Abu biyu ne ƙasarmu ke koya wa direba da ba a samu a filin ƙwallo. Na farko rairayi. Hanyar da ta fita daga garinmu zuwa kwalta tana da wani wuri mai yashi mai zurfi, kuma ranar farko da na shige shi na tsorata na ɗaga ƙafa, motar ta tsaya, na taka totur da ƙarfi, tayoyin gaba suka haƙa wa kansu rami. Sai da samari suka zo muka tone gaban tayoyin, muka shimfiɗa karan dawa, aka tura. Ƙa'idar ita ce ka sa giya ta biyu tun kafin ka shiga, ka riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, ka bi sawun motocin da suka riga ka, kada ka canja giya a ciki kuma kada ka karya sitiyari da ƙarfi. In ta kafe, ɗaga ƙafa nan take, ka gwada komawa baya ta sawun da ka shigo. Na biyu shi ne hawa kwalta. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da tudu, amma titin ya fi hanyar ƙauye tsayi, kuma dole ka tsaya a kan gangaren ka duba hagu da dama. Da ka ɗaga ƙafa daga birki sai motar ta fara zamewa baya. A nan hambirki yake aiki: ka ja shi, ka sa ta ɗaya, ka ɗan taka totur, ka ɗago kuloci har ya kama ka ji motar tana son tafiya, sannan ka sauke hambirkin. Duk wanda zai koyi mota a ƙauyukanmu ya nemi irin wannan gangaren a hanyar da ba mota ya maimaita har ya zama jiki, domin wurin da ake shiga babban titi ba wurin gwaji ba ne.

Da hannuna ya fara faɗawa sai na je neman lasin, a nan na gane cewa koyon fili, komai kyansa, ba ya cikin lissafin hukuma. Sabon mai neman lasin sai ya kawo shaidar kammala makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, kuma makarantar ce ke shigar da sunanka a na'ura, sai ka cika darasi 26 kafin takardar ta fito da lambarta. Da wannan lambar ake cike takardar neman lasin. A bakin ofishin da na fara zuwa wani mutum ya tare ni, ya ce in kawo hoto da kuɗi zai kawo mini kati har gida ba sai na je ko'ina ba. Wani dattijo da ke zaune a benci ya ja ni gefe ya ce, "Malam, duk lasin da ba a ɗauki hotonka da zanen yatsunka a gaban na'ura ba, takarda ce kawai, ranar da aka duba lambarsa za ka ji kunya." Na gode masa har yanzu.

Na jira dogon hutun damina na 2025 na tafi Dutse, na sauka wajen wani ɗan'uwa. Kafin in biya makarantar sai da na sa suka nuna mini shaidar rajistarsu. Naira dubu 50 na biya, kashi biyu, kuma kowace makaranta da nata farashin, ana ma yin ciniki. Sun buƙaci lambar katin ɗan ƙasa da hotuna ƙanana, suka kuma taimaka mini na yanki takardar izinin koyo a ofishin lasin na hukumar tara haraji ta jiha. Da wannan takardar ne doka ta yarda ka hau titi a matsayin lana, da jan harafin L a gaba da baya, da mai lasin zaune a gefenka. A nan ka lura da abu ɗaya: sunanka da ranar haihuwarka su zo daidai da yadda suke a katin ɗan ƙasa. Wani da muka yi aji tare, a katinsa Muhammad, a takardar makaranta Mohammed, sai da ya koma gyara muka bar shi a baya.

Darasin alamomin hanya ne ya fi ba ni mamaki, don na shekara fiye da ashirin ina wuce su a babur ban taɓa sanin suna da tsari ba. Malamin ya ce kada mu haddace su ɗaya-ɗaya, mu fara da siffa da launi. Alama mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce, tana gaya maka abin da ke gaba: kwana mai kaifi, siririyar gada, mahaɗa, yara 'yan makaranta, dabbobi. Da'ira mai jan baki hani ce: kada ka wuce mota, kada ka juya, kada ka shiga, kuma in lamba ce a ciki, ita ce iyakar gudunka. Shuɗiyar da'ira umarni ce, bi nan, zagaya ta can. Mai kusurwa huɗu bayani take yi, sunan gari da nisansa, asibiti, gidan mai. Guda biyu ne aka ba su siffa ta daban don a gane su ko ƙura ta rufe rubutun: ja mai kusurwa takwas, wadda ke nufin tayoyi su tsaya cak ko da ba kowa, da mai kusurwa uku da aka kifa kanta ƙasa, wadda ke nufin ka ba na kan babban titi hanya. Sai zanen da ke kan kwalta: inda farin layi yake a yanke-yanke kana iya wuce mota in gaba a buɗe take, inda ya miƙe ba yankewa, kamar a kwana ko gab da gada, ka haƙura. Gudu kuwa, ga ƙaramar motar gida, kilomita 50 ne a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya ta zamani.

Shataletale ne ya fara dawo mini da rawar ƙafa a Dutse, domin a ƙauye ba mu da shi. Mu a dama muke tuƙi tun 1972, don haka ana shiga ta dama a zagaya, kuma wanda ya riga ya shiga, wato mai zuwa daga hagunka, shi ke da hanya. Ka sauko giya ta biyu tun daga nesa, ka duba hagu, in akwai sarari ka shige, in babu ka tsaya, in za ka fita ka kunna sigina ta dama. Ranar farko na tsaya ina jira har na baya suka cika wurin da hon, na ruɗe na saki kuloci, ta mutu. Malamin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hambirki, giya firi, makulli. Hon ɗinsu ba ya tura mota." Waɗannan kalmomi uku na riƙe, kuma duk sanda ta mace mini a cikin jama'a su nake bi a jere.

Shi ne kuma ya yi mana lissafin da ya sa na rage gudu har a babur. Motar da ke kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Wato kafin idonka ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a birki, ka riga ka ci wannan tazarar ba tare da motar ta rage komai ba. In ka haɗa da tazarar da birkin kansa ke buƙata, sai ka wuce mita 50 a busasshiyar kwalta, rabin filin ƙwallo ke nan, in an yi ruwa kuwa abin ya ƙaru sosai. Don haka ya koya mana awon tazara da turken lantarki: idan motar gabanka ta wuce turke, ka ƙirga daƙiƙa biyu cikakku, in ka iso turken kafin ka gama, ka matse ta da yawa. Da ruwan sama ka ninka.

Bayan takardar makaranta ta fito aka cike mini takardar neman lasin a na'ura, aji B, wato na ƙananan motoci. Kuɗin gwamnati tun daga Yunin 2025 naira dubu 15 ne na shekara 3, dubu 21 na shekara 5, ban da ɗan abin da banki ke cira. Na biya na shekara 5 na riƙe rasit. Aka gwada idona da allon haruffa, kuma a nan ne na san ina buƙatar tabarau don hangen nesa, abin da ya zama ƙarin kashe kuɗi da ban shirya masa ba. Sai gwaji wajen jami'an duba motoci, waɗanda muke kira bi'ayo. Jami'in ya nuna mini alamomi a kwali yana tambaya, da Hausa muka yi, sannan muka shiga mota. Ya sa na tashi, na yi kwana, na yi ribas tsakanin alamomi biyu, na faka. Abin da ya fi sa wa ido shi ne ko na ɗaura bel kafin in tayar, ko ina duba madubi, ko ina kunna sigina kafin in juya. Da ya sa hannu na ce, "Yallaɓai, shi ke nan?" Ya ce saura hoto.

Ranar hoto ce ranar jira. Na je da sassafe na tarar da layi, aka fara sai sabis ya ɗauke, muka zauna a inuwa har bayan azahar. Ka tafi da ruwanka da haƙurinka, kada kuma ka haɗa ranar da wani uzuri. Da layi ya zo kaina abin bai ɗauki lokaci ba: hoto, zanen yatsu, sa hannu. Alli ya cinye mini zanen babban yatsa, sai da aka goge shi aka maimaita kafin na'urar ta karɓa, kuma na ji ana cewa manoma da magina ma suna fama da haka. Aka ba ni lasin wucin gadi na takarda mai aiki kwana 60. Katin ainihi ya ɗauki lokaci kafin ya iso, na bar lambar wayata na riƙa tuntuɓa, a tsakanin kuma takardar da rasit ba sa barin motar.

Da na dawo gida ɗan wana ya ce saura jarrabawarsa shi, wato kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Wanda ya san wurin ya san titi ne ya zama kasuwa: tireloli a gefe, amalanken shanu, masu babur ɗauke da awaki, 'yan talla suna ratsawa ta ko'ina. Giya ta ɗaya na sa, ƙafar hagu tana wasa da kuloci, ta dama tana shawagi a kan birki, ashe tafiyar silon nan da na raina a filin makaranta ita ce tuƙin kasuwa. A hanyar dawowa ya riƙa nuna mini alamomin da ba su cikin littafi. Ganye ko reshe da aka jera a kan kwalta na nufin akwai motar da ta lalace a gaba, wataƙila bayan kwana. Saniya ɗaya ta tsallaka, to garken yana biye, ka tsaya ka bar makiyayi ya gama, hon ba ya ƙara musu komai sai firgita. Akuya tana iya komawa inda ta fito, tunkiya kuwa 'yan'uwanta take bi ko mota na zuwa. Yaro a bakin titi yana kallon ɗaya gefen, akwai wanda yake son ya cimma a can. Mai babur ya waiga, juyawa zai yi ko bai ba da hannu ba. Akwai kuma al'adun direbobi da ya ce kada in ɗauka: kunna sigina biyu a mahaɗa wai don a nuna miƙewa za a yi, alhali fitilar haɗari ce, da dogara ga siginar direban tirela don ka wuce shi. Idonka ne zai ga hanya a buɗe, in bai gani ba ka zauna a bayansa.

Da zan sake bin hanyar, da makaranta da takardar izinin koyo zan fara, in riƙa haɗawa da atisayen fili a gida, don darasi 26 ɗin suna tafiya a lissafi yayin da hannu ke faɗawa. Zan kuma ce a koya da giyar hannu, domin ita ce ta fi yawa a karkara kuma makanikanmu sun fi saninta. A ware kuɗin mai daban, a lokacin lita tana wajen naira 900 zuwa 1,000, kuma tashi da tsayawa a giya ta ɗaya yana shan mai fiye da tafiya. Mai koyarwa ya zama mai sanyin rai, in yana yi maka tsawa ka canja shi ko ɗan'uwanka ne, domin babba ya fi yaro jin zafin tsawa kuma ruɗewa take ƙara masa. Kafin ka hau titi ka tabbata akwai safaya mai iska, da jak, da abin kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan motar da ta lalace, don ana tambayarsu a hanya, ka kuma ajiye 122 a wayarka, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra.

Tuƙin dare ne na bari a ƙarshe, kuma shi ne dalilin koyon tun asali. Mun fara da fita bayan isha'i a hanyar Ringim, ɗan wana a gefena. In mota ta taho da babbar fitila ta dalle maka ido, kada ka kalle ta, ka mai da ido gefen dama na kwalta ka ɗaga ƙafa daga totur, kai ma ka sauke taka fitilar. Amalanke ba ta da fitila, babura da yawa ba su da ta baya, don haka ba na wuce gudun da zan iya tsayawa a cikin iyakar hasken fitilata, wanda a ƙaramar fitila bai fi kilomita 50 zuwa 60 a awa ba. Ranar Lahadi da magariba kuwa, lokacin da kasuwar Gujungu ke watsewa, in ba larurar asibiti ba ce ba na fitar da motar.